Mitar Uwar Tsaki

Uwar Tsaki ake ce mata. Wasu sun ce saboda 'yan tsakin da take sayarwa ne, wasu sun ce a'a, saboda tsakin da take ja ne in an faɗa mata farashin abu. Ita ba ta taɓa tsayawa raba gardamar ba.

Tun tana yarinya ba ta yarda da abin da ba ta taɓa da hannunta ba. Mahaifinta ɗan tireda ne, a gefensa ta tashi, ta ga yadda ake danna gindin mudu, ta ga yadda ake ƙara wa kalanzir abin da ba kalanzir ba. Da aka yi mata aure da wani direban babbar mota, shekara da shekaru ita ce uwa ita ce uba a gidan, domin shi sai ya yi wata a hanya. Da kiwon kaji ta yi wa 'ya'yanta kuɗin makaranta, ta aurar da su. Yanzu gidan saura ita da Direba, wanda gwiwa ta sauke daga mota, ta zaunar da shi a kan tabarma da rediyo.

Kafin wutar sola ta zo garin, wuta a hannun mutum ɗaya take, wani mai janareto. Ya ja wayoyi zuwa shaguna da 'yan gidaje, yana karɓar kuɗi a kan kowane ƙwan fitila. Wani dare ya kai sha ɗaya, wani dare tun tara janareton ya yi tari ya mutu, a ce mai ya ƙare, amma kuɗi ba ya raguwa. Uwar Tsaki ta yi fama da shi har ta gaji ta koma wa fitilar batir.

Sai kamfani ya zo. Aka kafa faifan sola a filin bayan makaranta, aka gina ɗakin batura, aka dasa turaku layi layi. Kowane gida aka manna masa mita a bango, wata 'yar akwati mai allon lamba da ɗan jan ido yana ƙiftawa. Kamfani ya nemi wakili ɗan gari wanda ya san waya, wanda zai riƙa sayar da kati yana kai ƙorafi. Wa kuwa ya san waya in ba mai janareto ba? Ya wanke rigarsa, ya fente shagonsa, ya koma Wakili. A gefen teburin sayar da kati ya jera ƙwan fitila da soket da fanka da sauran kayan wuta na sayarwa.

"An ba kura ajiyar nama," in ji Uwar Tsaki ranar da ta ji.

Duk da haka ta sa an ja mata wutar. A ranar rajista Wakili ya tambaye ta abin da take da shi, ta ce ƙwan fitila uku da fanka da cajin waya. Ya rubuta ta a ƙaramin tsari, bai ce mata akwai wani ba, ita ma ba ta tambaya ba. Bayan wata biyu babbar 'yarta ta aiko mata da injin ƙyanƙyasa, akwati fari mai murfin gilashi, mai cin ƙwai ɗari da ɗoriya. Ta share ɗakin da yara suka bari, ta ɗora shi a kan tebur, ta jona. Ƙyanƙyasar farko ta yi kyau har maƙwabta suka riƙa shigowa kallo.

Mitar ce ba ta kwanta mata ba. Wata rana ta tafi dubiya, suka kwana biyu ita da Direba, lokacin babu ƙwai a inji, ta kashe komai da hannunta. Ta dawo ta tarar lamba ta ragu. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi shagon Wakili.

"Wa ya sha min wuta ina can?"

"Ba wanda ya sha, Inna. Kuɗin hidima ne, kullum ake cire shi."

"Hidimar wa? Ni da ba na gida, wa aka yi wa hidima?"

"Haka kwamfuta take yi."

Wannan amsar ita ce makaminsa. Me ya sa kati ya fi saurin ƙarewa da dare? Kwamfuta. Me ya sa mai walda yake kunna injinsa, amma matar liman ta jona dutsen guga wuta ta ɗauke? Kwamfuta. Uwar Tsaki ta ce wannan kwamfutar ko 'yar uwar janareto ce, don ta ga halinsu ɗaya.

Da damina ta kankama sai babbar matsala ta zo. Ranar kasuwa takan fita da sassafe da kwandon 'yan tsaki, ba ta dawowa sai la'asar sakaliya. Ran nan ta dawo ta tarar ɗakin inji shiru. Ba ƙarar 'yar fankar ciki, ba hasken lamba. Ta ɗora tafin hannu a kan murfi, sanyi ƙalau. Ta leƙa ta kan katanga, ga ƙwan fitilar mai ɗinki, maƙwabciyarta, yana ci, ga kekenta na wuta yana gudu. Ta duba mita, ga kuɗi nan bai ƙare ba, sai wasu haruffa da ba ta san su ba suna yawo a allon.

"Malam, tun yaushe aka ɗauke?"

Direba yana kishingiɗe, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo a kan matashi. "Tun hantsi. Ai ranar kasuwa ce, ina jin can suke juya wutar."

Ta ruga shagon Wakili. Ya ciro waya, ya latsa, ya latsa, ya ce, "Je ki, ta dawo. Kin yi lodi da yawa ne, Inna."

"Lodin me? Ƙwai ne suka tashi suka kunna talabijin?"

"To, ƙila injin nan naki ne."

"Injin da ya yi wata uku yana ci ba abin da ya faru?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ta koma gida, ta tarar kuwa wuta ta dawo. Nan fa ta zauna bakin gado ta yi tagumi. Wanda yake dawo da wuta da ɗan yatsa daga shagonsa, ai da ɗan yatsan nan zai iya ɗauke ta. Kuma ta tuna ƙanin Wakili ya fara kawo 'yan tsaki daga birni a kwali yana kasawa a bakin tasha, ba sa tafiya sosai saboda kowa ya san nata sun fi ƙwari. Da ta haɗa wannan da wancan sai lissafi ya fita.

Kasuwa ta zagayo, aka sake. Ta zagayo, aka kuma. Da kwana ashirin da ɗaya suka cika, ƙyanƙyasa ta yi nawa, aka shiga kwana na gaba ana jira. Waɗanda suka fito ba su kai rabi ba, wasu ma da ƙafa a lanƙwashe. Ta fasa sauran a bayan gida, ɗaya bayan ɗaya, ta ga 'yan tsaki sun yi gashi sun mutu a ciki. Ba ta yi kuka ba, amma ranar ko abinci ba ta ɗora ba.

Ta fara bincike. Ta bi wayar da ta shigo gidanta tun daga turke, tana daddagawa da sanda, ko mai ɗinki ta saƙalo ta ɓoye. Mai ɗinki ta gan ta, gaisuwa ta yi sanyi tsakaninsu. Ta tare mai walda ta tambaye shi ko shi ma ana ɗauke masa, ya ce shi babban tsari yake kai. Ta ce, "Akwai babba ke nan?" Ya ce akwai har uku. Ta ce to, ga wata kuma da aka ɓoye mata. Ta kai ƙara gun shugaban kwamitin wuta, wani tsohon malamin makaranta, ya ce injiniyar kamfani za ta zo ƙarshen wata, ta yi haƙuri.

Haƙuri ba sana'arta ba ce. Ta zuba sabon ƙwai, da kasuwa ta zo ta ɗauki kwando ta yi wa Direba sallama kamar kullum. Amma tana kaiwa kwanar layi sai ta ba wata mai sayar da ƙwai kwandon ta tafi mata da shi, ita ta zagayo ta bayan gida, ta shiga ta ƙofar kaji, ta zauna a kan turmi a lungun da ke fuskantar mita. Daga nan tana ganin turke, tana ganin katangar mai ɗinki, tana ganin ƙofar gida. Duk wanda zai taɓa mata waya yau sai ta ga idonsa.

Jan idon mita yana ƙiftawa a hankali, irin na mai jin barci. Hantsi ya ɗaga. Ba wanda ya hau turke, ba wanda ya leƙo. Sai ta ji motsi a ɗaki, ta ji jan ƙafar Direba, ta ji ƙarar bokiti, ta ji an zuba ruwa. Can sai idon mita ya haukace, ya shiga ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa. Mita ta yi wani siririn kuka, ta yi, ta yi, sai ƙas. Ɗakin inji ya yi shiru.

Ta miƙe a hankali ta leƙa ta taga. Direba yana zaune a kan kujera 'yar tsugune, ya naɗe wando har cinya, ga tawul a kafaɗa, ga bokiti a gabansa. A cikin bokitin an rataya wani ƙarfe mai murɗe-murɗe, wayarsa ta tafi soket. Hita ce ta dafa ruwa. Yana ta tsoma yatsa a ruwan yana ƙunƙuni.

"Kai, waɗannan mutane. Ba sa barin mutum ko ruwa ya yi ɗumi."

Bayan 'yan mintoci wuta ta dawo da kanta. Hitar tana jone, mita ta sake kuka, ta sake yankewa. Kafin a yi ta uku Uwar Tsaki ta banko ƙofa ta fizge wayar daga bango.

Direba ya kusa kifar da bokitin. "Ke! Ba kin tafi kasuwa ba?"

"Malam, mene ne wannan?"

Ya dubi hitar kamar yau ya fara ganinta. Daga baya ya sauke murya. Gwiwar ce, in ji shi. Tun da ruwa ya sauka ba ta barinsa barci. Likita ya ce ya riƙa gasawa da ruwan zafi. Shi ba ya iya tsugunawa hura gawayi, kuma ya ga ta da aiki ya ishe ta, ga kaji ga kasuwa, bai so ya ƙara mata. Ya san in ta ga hitar za ta ce zai cinye kati, shi ya sa yake bari sai ta fita, in ya gama ya tura ta cikin tsohuwar jakarsa ta tafiya.

"Kuma ko sau ɗaya ruwan bai taɓa zafi ba," ya ce. "Da na jona sai su ɗauke. Ranar kasuwa fa ba sa barin wuta."

Ta tsaya tana kallonsa. Mutumin nan har ga Allah bai san shi ne ba. Maganganu suka taru mata a baki, na ƙwai, na 'yan tsakin da ta binne, na gaisuwar mai ɗinki da ta ɓata. Sai idonta ya sauka a kan gwiwar, ta kumbura tana sheƙi. Ta haɗiye.

"A ina ka saya?"

"Gun Wakili."

"Gun wa?"

Ta ɗauki hitar ta naɗe a zani ta ajiye a ƙasan akwatinta. Ta hura gawayi, ta dafa ruwa, ta gasa masa ƙafar da hannunta. Da yamma, da ta gaya masa abin da ya kashe ƙwan, ya kashe rediyonsa ya juya fuska bango.

Ranar da injiniya ta zo, aka taru a ajin makaranta, manya a kan bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Injiniyar matashiya ce, siririya, da hular kwano a hannu. Wakili yana gefenta da sabuwar riga. Ba a gama gaisuwa ba Uwar Tsaki ta tashi ta kwance zanin da ta naɗe hitar, ta ɗora ta a kan teburin malami.

"'Yata, ina da tambaya, kuma kar ki ce min kwamfuta."

Aka yi dariya. Injiniya ta ce, "Ba zan ce ba, Inna."

"Da kuɗi a mitata, me ya sa take yanke min wuta?"

Injiniya ta ɗauki hitar ta juya ta, ta nuna wani rubutu a jikin mariƙin. "Wannan wat dubu take ja. Wat shi ne ƙarfin da abu yake zuƙa a lokaci guda. Ke kina ƙaramin tsari, iyakarki wat ɗari uku. Injin ƙyanƙyasarki da fitilu da fanka duka ba su kai ba, shi ya sa ba ki taɓa samun matsala da su ba. Wannan ita kaɗai ta ninka iyakar sau uku. Kuɗin da kika sa kamar ruwa ne a randa, iyaka kuma bakin buta. Ko randa ta cika, abin da bakin buta ya bari shi zai fita."

"To wa ya ce a ƙuntata min bakin? Ba kuɗina ba ne?"

"Injin da ke ɗakin batura, wanda yake tura wa gari wuta, yana da iyakarsa shi ma. In gida ashirin suka jona irin wannan lokaci ɗaya, gari duka zai mutu, har firjin allurar asibiti. Shi ya sa aka raba wa kowa gwargwado. In an wuce, mita takan yi kuka ta yi gargaɗi, ta yanke, bayan 'yan mintoci ta dawo. In aka bar abin a jone ta yanke sau uku a jere, sai ta kulle, sai Wakili ya buɗe. Da kin ji kukan, a cire abin da aka jona na ƙarshe, shi ke nan."

"Wanda yake buɗewa da waya, ba zai iya rufewa da waya ba?"

Injiniya ta ce, "Ofis yana iya rufewa daga nesa, gaskiya ne. Wakili buɗewa kawai aka ba shi. Kuma in ofis ne ya rufe, saƙo zai shigo wayarki da dalili."

"In ji ku."

"In ji mu," ta ce, ba ta yi musu ba.

Mai walda ya tambayi tsadar dare. Ta ce da rana wuta daga faifai take zuwa kai tsaye, da dare kuwa daga batir, batir kuma yana tsufa, bayan 'yan shekaru sai an sayi sabo, in hadari ya daɗe ma sai an tayar da janareton kamfani da man dizal. Shi ya sa wutar rana ta fi arha, mai niƙa da mai guga su yi aikinsu da rana. Ta ce farashin kansa ana haɗa kuɗin kaya da gyara da albashi da mai da ribar kamfani, a raba a kan yawan wutar da ake sa ran sayarwa, hukuma ta duba ta amince, kwamitin wuta na gari ya sa hannu. Tsohon malami ya gyara zama, domin shi ya sa hannun, kuma bai taɓa gaya wa kowa abin da ke ciki ba. Kuɗin hidima kuwa, in ji injiniya, na waya da turke da mita ne, ko ka kunna ko ba ka kunna ba suna nan suna jiranka. Babban tsari bakinsa ya fi faɗi, amma kuɗin hidimarsa ya fi yawa.

"Duk wannan," in ji Uwar Tsaki, "me ya hana a faɗa mana tun ranar rajista?"

Injiniya ta juya ta dubi Wakili. Ya ce shi ma kwana biyu aka koya musu, kuma mutane ba sa tsayawa ji.

"To na tsaya yanzu. Kai ka rubuta ni a ƙaramin tsari da hannunka. Kai ka sayar wa mijina wannan. Ba ka san ba za ta ci a gidana ba?"

"Wallahi, Inna, bai ce min a gida zai jona ba."

"A mota zai jona?"

Dariya ta ɓarke. Wata mata daga baya ta ce ita ma a gunsa ta sayi dutsen guga. Wani ya tambaya ko gaskiya ne ana ba Wakili lada a kan duk wanda ya koma babban tsari. Injiniya ta ce ana ba shi kaso a kan katin da ya sayar, wannan ba ɓoyayye ba ne. Mutane suka dubi juna. Wakili ya rantse ya maimaita, gumi yana bin wuyan sabuwar rigar. Ko gangan ya yi ko sakaci, ba wanda ya fita daga ajin da tabbas. Kafin a tashi injiniya ta sa aka amince za a manna wa kowace mita takarda mai hotuna, abin da za a iya jonawa da wanda ba za a iya ba, kuma Wakili ba zai ƙara sayar da abin da ke zafi ba sai ya tambayi tsarin mai saye.

Uwar Tsaki ba ta koma babban tsari ba. Ta ce ba za ta biya hidimar wata guda saboda bokiti ɗaya ba. Ta sayi babban fulas, kullum da safe ta cika shi da ruwan zafi ta ajiye wa Direba kusa da tabarma. Ta shiga gidan mai ɗinki da 'yan tsaki biyar a kwali, ba ta ce don me ba, mai ɗinki ma ba ta tambaya ba. Ƙwan da ke cikin inji suka ƙyanƙyashe a kan lokaci, ɗakin ya cika da kuka.

Hitar kuwa ta mayar wa Wakili. Aka yi ta ja, ya ce an yi amfani da ita, ta ce ko ruwan shayi ba ta taɓa dafawa ba, daga ƙarshe ya ba da rabin kuɗi yana cewa don girman Direba ne. Ta tsaya har sai da ta ga ya sa ta a ƙasan kanta.

Bayan sati biyu ta je sayen kati, ta leƙa ƙasan kantar, ba hita. Ta ce ina take. Ya ce ya mayar wa dila a birni. Ta karɓi katinta, ta karanta lambobin a gabansa, ta fita.

A hanyar gida ta bi ta layin masu aski. Daidai ƙofar wani gida da aka yi sabuwar haihuwa sai ta ji siririn kukan nan daga bango, ya yi, ya yi, sai ƙas. Ta tsaya. Takardar hotunan ba a manna ta a wannan mitar ba tukuna. Ta gyara mayafi, ta yi sallama da ƙarfi, ta ce wa yarinyar da ta leƙo, "Shiga ki ce wa uwarki ta cire abin da ta jona yanzu, kafin ta yi ta uku. Sannan ki tambayo min a ina ta saya."